Dutsen da Na Dafa Wata Shida

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, kuma rabin shekarun nan a ofishin kuɗi na yi su. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san cewa ba rashin iya lissafi ne ya kai ni ga abin da zan ba da labari ba. Na iya tarawa da ɗebewa, na duba littattafan wasu na kama musu kuskure. Amma da aka zo kan kajina, wata shida cur na yi ina kallon lissafi yana ce mini tsaya, ni kuma ina ce masa ai na riga na kashe miliyan bakwai.

Da na ajiye aiki aka biya ni garatuti, sai na haɗa da kuɗin wani fili da na sayar, na nufi gonata da ke bayan garin Zariya. Na gina ɗakin kaji, na haƙa rijiyar burtsatse, na sayo keji na ƙarfe mai hawa-hawa. Wannan ya ci naira miliyan 4.2. A watan Maris na 2022 na karɓo 'yan tsaki dubu ɗaya, kajin ƙwai jajaye, kwana ɗaya da ƙyanƙyasa. Kuɗinsu da abincinsu da gawayin ɗumama su da magani da rigakafi, tun daga ranar da suka zo har suka fara ƙwai, ya tashi miliyan 2.8. Ka ga miliyan bakwai ke nan. Wannan adadi ya zauna mini a ka kamar lambar wayata, ko cikin barci ka tashe ni zan faɗa maka shi.

Matsala ta fara tun suna sati huɗu. Wata safiya na shiga na tarar sun taru a lungu sun yi cirko-cirko, gashi a tashe, suna farin zawo. Cutar gumboro ce. Na ba su rigakafinta, amma daga baya na gane inda na yi sakaci: maganin rigakafin nan ba ya son zafi ko kaɗan, ni kuwa na sayo shi na sa a aljihun gaban mota, na tsaya ta'aziyya na yi wajen awa biyu, ƙanƙarar da aka haɗa mini da ita ta narke. Ruwa kawai na ba su. Cikin kwana shida 140 suka mutu. Waɗanda suka tashi kuma ba su tashi da ƙarfinsu ba, don gumboro garkuwar jikin kaza take karyawa. Na ƙara da wani kuskuren: da na ga kuɗi suna ta fita, sai na rage musu ma'aunin abinci a lokacin girma. Kazar ƙwai ja ana so ta kai wajen kilo ɗaya da rabi kafin ta fara ƙwai. Nawa da likitan dabbobi ya ɗora wasu a sikeli, da ƙyar suke wuce kilo ɗaya da giram ɗari biyu. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, kazar da ta shiga ƙwai da rama, da wuya ta biya ka yadda kake so." Na ji, ban ɗauka ba.

Kaji 820 ne suka kai lokacin ƙwai, a watan Agusta. Garken da aka kula da shi sosai, idan ya kai ganiyarsa, cikin kaji ɗari za ka tsinci ƙwai kusan casa'in a rana. Nawa mafi yawan abin da suka taɓa yi saba'in da biyu ne. Duk da haka daga Satumba zuwa Janairu ina ɗan samun abin sakawa a aljihu, kuma mutane sun fara ce mini Alhaji mai kaji. Ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi.

Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023. Wanda ya rayu a ƙasar nan a watannin Fabrairu da Maris na shekarar nan ya san yadda takardar naira ta zama kamar gwal. Ƙwai kuwa kasuwarsa ta tsabar kuɗi ce: mai shayi, mai indomi, mai ɗan kanti a lungu, matar da za ta sayi guda uku ta soya wa yara. Duk suka janye. Kiret ya taru mini har bakin rufin ɗakin ajiya, ga zafin bazara ya kawo kai, ƙwai kuwa ba masara ba ne da za ka jibge ka jira farashi. Sati biyu zuwa uku a wannan zafin ya fara lalacewa. Na sayar da araha, na ba da bashi, wani ma na haƙa rami na binne. Kajin su ma zafi ya sa suka rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi.

Ana saura kwana goma ƙaramar Salla, a watan Afrilu, wani dillalin kaji ya zo gonar. Ya zagaya, ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan, ya ce zai kwashe su duka, 760 da suka rage, a kan naira 2,800 kowace ɗaya, kuɗi a hannu. Na lissafa a zuci: miliyan 2.1 da 'yan kai. Na yi dariya na ce masa, "Ka san nawa na zuba a wurin nan? Miliyan bakwai. Ka zo ka ba ni biyu in ce na sayar?" Ya ce, "Alhaji, ni kaji na zo saya, ban zo sayen abin da ka kashe ba." Na ɗauki maganar rashin kunya ce irin ta dillalai. Ya tafi, na bi shi da tsaki.

Yau in na tuna, a cikin duk waɗanda suka yi mini magana a kan kajin nan, babu wanda ya taƙaita zancen kamar mutumin nan, kuma bai san ma ya yi ba.

Bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, komai ya tashi. Masara ta yi tsada, waken suya ya yi tsada, kuɗin mota ya ninka, buhun abincin kaji ya bi su. Farashin ƙwai ya ɗan motsa, amma tafiyar hawainiya yake yi a bayan abinci.

A watan Yuli ɗan ƙanwata ya zo hutu. Yana karanta ilimin tattalin arziki a jami'a, kuma yaro ne mai son bin diddigi. Ya raka ni gona kwana uku, yana kallo yana rubutu a bayan wani tsohon kalanda. Daren na uku bayan sallar isha'i ya zauna a gefen tabarmata ya ce, "Kawu, in ba za ka ji haushi ba, ina so in nuna maka wani abu." Abin da ya nuna mini shi ne lissafin da ya kamata in yi da kaina tun watan Afrilu, kuma zan kawo shi yadda yake, don duk mai kajin ƙwai zai iya yi a tsaye.

Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 120 a rana. Buhu mai kilo 25 ke nan yana ciyar da kaji kamar ɗari biyu na yini ɗaya. To tambayar ita ce: kiret nawa za ka sayar ka sayi buhu ɗaya? A lokacin ina sayen buhu naira 10,000, ina sayar da kiret mai ƙwai talatin naira 2,200. Kiret huɗu da rabi ke nan, wato ƙwai kamar 136. Ma'ana sai kaji ɗari biyu sun ba ni ƙwai 136 a rana, 68 cikin kowace ɗari, kafin su biya kuɗin abin da suka ci kawai, ba a zo maganar yaron gona da man janareto da magani ba. Nawa kuwa a lokacin 700 ne, ƙwai 350 suke yi, rabi daidai. Kowace ɗari biyu ƙwai ɗari suke bayarwa, kuɗinsa naira 7,300. Duk buhun da na farke bakinsa, na yi asarar naira 2,700 tun kafin in zuba shi. Buhu uku da rabi nake farkewa kullum. Ka ɗora naira dubu huɗu na sauran hidimomi, sai ka ga kullum rana ta faɗi na yi asarar wajen naira dubu 13. A wata kusan dubu ɗari huɗu, fiye da ninki uku na fanshona.

Na ce masa na san wannan, amma ai ba zan bar miliyan bakwai ta tafi a banza ba.

Ya ce, "Kawu, ta riga ta tafi. Ko ka sayar da kajin gobe, ko ka riƙe su shekara, bulo ba zai koma siminti ba, abincin da suka ci bara ba zai dawo buhu ba. Miliyan bakwai ɗin nan tana nan a hanyar sayarwa, tana nan a hanyar riƙewa. Abin da yake iri ɗaya a hanyoyi biyu ba shi zai zaɓa maka hanya ba. Abin da ya bambanta su shi ne dubu goma sha uku ta gobe."

Ya ce a karatunsu abin yana da suna, kuɗin da suka nutse ake ce musu, wato kuɗin da aka riga aka kashe kuma babu hanyar dawo da su. Ya ba ni labarin jirgin sama na Concorde, wanda gwamnatocin Birtaniya da Faransa suka yi ta zuba wa kuɗi ko bayan da ya bayyana cewa ba zai mayar da abin da aka kashe masa ba, saboda an riga an yi nisa. Guda ashirin kawai aka ƙera, ya fara ɗaukar fasinja a 1976, aka ajiye shi a 2003. Ya kuma ba ni labarin wani gwaji da masana biyu, Hal Arkes da Catherine Blumer, suka wallafa a 1985. A wani gidan wasan kwaikwayo na jami'a a jihar Ohio ta Amurka, an sayar wa mutane tikitin kallo na zango guda. Wasu sun biya dala 15 cif, wasu aka yi musu rangwamen dala 2, wasu dala 7, ba tare da wani dalili ba, sa'a ce kawai. Tikitin iri ɗaya ne, wasannin iri ɗaya. Amma a rabin farko na zangon, waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi sauran zuwa kallo. Zafin abin da suka biya ne yake fito da su daga gida.

Na saurare shi har ya gama, sannan na ce masa shi yaro ne, bai taɓa neman kuɗi da guminsa ba, kuma kasuwa ba a littafi take ba. Na kawo masa karin maganar da na jima ina jingina da ita: mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Ya yi shiru, ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, Kawu," ya tashi. Yaron yana da tarbiyya. Da ni ne a shekarunsa, da na tambayi tsohon nan ko ya taɓa ganin wanda ya sha romon.

Sati biyu bayan haka likitan dabbobi ya zo, ya ba ni wata mafita wadda ba sai na rabu da garken duka ba. Ya buɗe keji ya ciro kaza ɗaya, ya juya ta, ya ce in kawo hannuna. A ƙasan cikin kaza, gefe da gefen dubura, akwai ƙasusuwa biyu masu tsini. Ya sa yatsuna a tsakaninsu, uku suka shiga ba takura. Ya ce, "Wannan tana ƙwai. Dubi zankonta, ja ne, mai laushi da ɗumi. Dubi ƙafafunta, sun koɗe sun yi fari-fari, don launin ɗorawar yakan janye daga jikin mai ƙwai." Ya ciro wata, kyakkyawa, gashinta sumul, ƙafafunta da bakinta rawaya shar. Da ni ne ita zan nuna wa baƙo. Yatsa ɗaya da ƙyar ya shiga tsakanin ƙasusuwan, zankonta ya motse ya bushe, duburar ta tsuke. Ya ce, "Wannan 'yar hutu ce. Ta jima ba ta yi maka ƙwai ba, ci kawai take yi tana gyara jiki." Muka duba arba'in, goma sha biyu 'yan hutu ne. A wannan ƙiyasin, cikin 700 akwai wajen ɗari biyu da suke cin buhu guda kullum ba su ba da komai.

Ya ce in tsame su in sayar. Ɗari biyar da za su rage buhu biyu da rabi za su ci, naira 25,000, kuma ƙwan kusan 350 ɗin nan dai su ne masu yin sa, kuɗinsa naira 25,600. Asarar za ta sauko daga dubu 13 zuwa uku ko huɗu, ga kuma rabin miliyan a hannu daga kaji ɗari biyu a kan naira 2,500.

Ka san abin da na ce masa? Na ce kowace kaza a wurin nan naira 3,400 ta tsaya mini kafin ta fara ƙwai, in na sayar 2,500 na faɗi da ɗari tara a kan kowace ɗaya. Na ce a ba su bitamin, za su dawo. Wato cutar da ta hana ni sayar da garke ita ce ta hana ni sayar da kaza guda. Ina gudun faɗuwar naira ɗari tara sau ɗaya, ina biyan naira hamsin kullum don in ciyar da kazar da ba ta ƙwai. Kwana goma sha takwas ya isa ta cinye ɗari taran, kuma har yanzu tana nan, ba ta ƙara daraja ba.

Daga nan sai gangara. Mai sayar mini da abinci ya fara ba ni bashi. Na ce zan rage tsada, na fara haɗa abinci da kaina, na yawaita dusa na rage waken suya, ƙwai ya ƙara sauka, don kaza ba ta yin ƙwai da dusa. Na karɓi rance wurin Yayana. A watan Agusta na shiga ɗakin uwargida na zauna bakin gado na yi ta kewaye-kewaye, har ta gaji ta ce, "Malam, faɗi abin da ya kawo ka." Ta buɗe akwati ta ɗauko sarƙa da 'yan kunnenta na gwal, waɗanda ta saya da kuɗin adashinta na shekaru, ta miƙo mini. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ba don kajin na ba ka ba." Naira dubu 750 aka saye su. Kwana ashirin da 'yan kai kaji suka cinye su.

Wani abin da na lura da shi daga baya shi ne, duk kuɗin da na ƙara zubawa ƙara ɗaure ni suke yi. A watan Afrilu cewa nake yi ba zan bar miliyan bakwai ba. A watan Satumba cewa nake yi ba zan bar miliyan tara ba, har da gwal ɗin Hajiya a ciki. Hujjar tana ƙara nauyi ne daidai lokacin da ya kamata ta mutu. Kuma in zan faɗi gaskiya, kuɗin rabin zancen ne. Sauran rabin kunya ce. Muddin akwai kaji a keji, ni mai gona ne da kasuwa ta juya wa baya. Ranar da motar dillali ta fita da su, na zama ɗan fanshon da ya ƙona garatutinsa. Ina tunanin majalisarmu ta bayan la'asar, ina jin abin da za a ce. Naira dubu goma sha uku nake biya kullum don kada a faɗi wannan maganar, alhali kuwa, kamar yadda na ji daga baya, an jima ana faɗinta.

Na kuma lulluɓe abin da rigar addini, wannan shi ya fi damuna yanzu. Ina cewa haƙuri nake yi, na dogara ga Allah. Amma haƙuri a kan abin da ya riga ya faru ake yin sa, ni kuwa abin da ya faru ne na ƙi yarda ya faru. Da na yi haƙurin gaske, da tun watan Afrilu na ce Allah Ya ƙaddara, miliyan bakwai ta tafi, na karɓi abin da ya saura.

Ƙarshen abin ya zo a watan Oktoba. Bashin abinci ya kai dubu ɗari tara, mai shagon ya ce, cikin mutunci, ba zai iya ƙara ko buhu ɗaya ba. Na tafi wurin Yaya neman wani rancen. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, bai yi boko mai nisa ba, kuma ba ya son doguwar magana. Ya tambaye ni kaji nawa suka rage, na ce 610. Nawa za a saye su yau? Na ce sun rame, Salla ta wuce, ba za su wuce dubu biyu-biyu ba. Ya ce wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan. Sai ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin teburinsa ya ɗora a gabana, ban san ko nawa ne a ciki ba, ya ce:

"Ɗauka cewa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ce a nan, taka ce, kuma ba ka da kaza ko ɗaya. Ga wani can yana sayar da tsofaffin kaji 610, sun haura wata goma sha takwas, ba sa yin ko rabi, kullum sai ka cika musu kuɗi daga aljihunka. Za ka ɗauki jakar nan ka je ka saye su?"

Na ce ko mahaukaci ba zai saya ba.

Ya ce, "To kai kullum da safe sai ka saye su. Duk ranar da ka ƙi sayarwa, ka saya ke nan." Ya mayar da jakarsa ƙarƙashin tebur. Ya ce shi ma ya sha sayen masara da tsada kaka ta zo farashi ya karye, kuma buhu bai taɓa tambayarsa nawa ya saye shi ba.

Maganar ɗan ƙanwata ce dai, ba a ƙara komai ba. Bambancin shi ne wannan karon ba ni da wanda zan ce wa yaro. Kwana uku bayan haka dillalin nan na watan Afrilu ya zo da motarsa. Bai tuna mini da komai ba, Allah Ya saka masa. Ya biya miliyan 1.22.

Da dare na zauna na yi lissafin da na ƙware a kai, na abin da ya riga ya wuce. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba na cika wa kaji wajen miliyan 2.3. Kuɗin kajin kansu ya sauko daga miliyan 2.1 zuwa 1.2, wato wata dubu ɗari tara. Jiran da na yi don in ceto miliyan bakwai ya ci mini miliyan 3.2, kuma ko kwabo na bakwai ɗin bai dawo ba.

Akwai wani juyi da abin ya yi wanda ban zata ba. Da kajin suka tafi, sai zuciyata ta koma ɗaya gefen. Na ce ba na son in ƙara ganin wurin nan. Zan sa a kwance kejin a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, in cire kwanon rufin, in sayar da gonar ko nawa aka taya. Hajiya ce ta tare ni. Ta ce, "Malam, da ka ƙi sayarwa saboda abin da ka kashe, yanzu kuma za ka yi gwanjo saboda abin da ka kashe. Duk fushi ɗaya ne." Ta yi gaskiya. Kuɗin da suka nutse ba sa cewa ci gaba, ba sa kuma cewa bari. Ɗakin yana nan tsaye, rijiya tana ba da ruwa, kuma tambayar da ta dace da su ita ce wadda Yaya ya yi mini a kan kaji: nawa za su kawo daga yau, ta wace hanya?

Da na bi su ɗaya bayan ɗaya da wannan tambayar, amsoshin suka bambanta. Kejin da na saya miliyan ɗaya da rabi, wani mai gona ya taya dubu ɗari shida. Zuciya ta fara cewa faɗuwa ce, na ce mata ta yi shiru: ba ni da jarin zuba sababbin kaji nan da shekara biyu, keji kuwa tsatsa zai yi ta ci. Na sayar, na rage bashin Yaya. Ɗakin kuma ban taɓa shi ba. Wani matashi mai kiwon kajin nama ya karɓe shi haya, naira dubu arba'in a wata. In ka auna da abin da ginin ya ci, za ka ce shekara nawa kafin ya biya kansa? Wannan awon ne na daina yi. Dubu arba'in da ɗaki a kulle nake aunawa. Rijiyar kuma da rani muna ban ruwan albasa da tumatir a gefen gonar, takin kajin yaron nan muke zubawa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce duk sana'ar da ta ci kuɗi ba ta kawo ba a watsar da ita. 'Yan tsaki wata huɗu zuwa biyar suke yi suna ci ba ƙwai ko ɗaya, kuma wanda ya sayar da su a sati na goma sha biyar don ya gaji da sayen abinci ya yi wauta, domin ƙwan yana gabansa. Haka wanda annoba ta taɓa garkensa suna da ƙuruciya, ko kasuwa ta yi kwantai na sati uku, yana da dalilin jira, kuma zai iya faɗin dalilin da ranar da yake sa ran abin zai juya. Nawa kajin sun wuce ganiyarsu, kowane sati tsufa suke ƙarawa, ƙwan kaza kuwa raguwa yake yi da shekaru. Da wani ya titsiye ni a watan Yuni ya ce in faɗi abu ɗaya da zai sa watan gobe ya fi na yau, ba ni da shi. Duk lokacin da aka tambaye ni dalilin ci gaba, amsata da "ai na riga na" take farawa. Ban taɓa fara ta da "nan da sati kaza" ba.

Bashi ma ya ruɗe ni a lokacin. Ina cewa dole in ci gaba don in biya mai abinci. Amma bashin yana kaina ko da kaji ko babu, kuma kajin ƙara shi suke yi. Ranar da dillali ya biya ni, kafin in isa gida na tsaya a shagon na ƙirga masa dubu ɗari tara ɗinsa. Ya ce in na sake zuba kaji ƙofarsa a buɗe take.

Ɗan ƙanwata ya gama karatu, yana hidimar ƙasa. Da ya zo gaishe ni na ce masa ya yafe mini maganar da na faɗa masa a daren nan, ya sunkuyar da kai ya ce shi bai riƙe komai ba. Tsohon kalandar da ya yi lissafin a bayansa yana nan a cikin durowata. Bashin Yaya saura kaɗan. Gwal ɗin Hajiya ne har yau ban mayar ba, farashinsa ya yi nisa da inda muka sayar. Kuɗin hayar ɗakin kaji ita nake miƙa wa duk wata, tana zuba shi a adashi, kuma ta ce kwasarta ta gaba sai bayan babbar Salla.